Tace intanet ɗin gida daga rauta: 1.1.1.3 ko CleanBrowsing?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Rauta ɗaya muke amfani da ita a gida, yara huɗu ne, akwai wayoyi, kwamfuta da talabijin. An ce in canja DNS ɗin rautar don toshe shafukan batsa. Wani ya ce in sa 1.1.1.3, wani ya ce CleanBrowsing. Wanne ya fi, kuma ya ake sawa?"

Wa alaikumus salam Malam. Duka biyun kyauta ne, duka biyun suna aiki, kuma wahalar sa su ɗaya ce: lambobi biyu za ka rubuta a rauta, shi ke nan. Inda suka rabu shi ne yawan abin da kowanne yake hanawa, da irin ƙorafin da za ka sha daga mutanen gida bayan ka sa.

Bari in fara da abin da DNS yake yi, don shi zai nuna maka iyakar maganin. Duk sa'ad da waya za ta buɗe shafi, sai ta fara tambayar lambar adireshin shafin, kamar yadda kake duba sunan mutum a wayarka ka samo lambarsa. Mai ba da amsar nan shi ne DNS. A yanzu rautarka tana tura tambayar ga na kamfanin layinka, wanda yake amsa duk abin da aka tambaye shi. In ka sa na tacewa, yana riƙe da jerin sunayen shafukan da aka haramta. Aka tambaye shi ɗaya daga ciki sai ya ƙi ba da lambar gaskiya, shafin ya ƙi buɗewa. Suna kawai yake gani. Ba ya ganin hoto, ba ya ganin bidiyo, ba ya karanta abin da ke cikin shafi.

Na farko, 1.1.1.3, na kamfanin Cloudflare ne, sun fito da shi a watan Afrilun 2020. Alkawari biyu ya yi: toshe shafukan da ke yaɗa cutar na'ura da damfara, da toshe shafukan batsa. Yana da sauri, kuma kamfanin yana da na'urori a Legas, abin da ke taimaka wa mu da ke Najeriya. Amfaninsa babba shi ne ba ya tsoma baki a abin da ba ruwansa. Ka sa shi, wata guda ya wuce, ba wanda zai zo ya ce maka wani abu ya lalace. Ka kula da lambar ƙarshe: 1.1.1.1 ba ya tace komai, 1.1.1.2 shafukan cuta kaɗai yake hanawa, sai mai 3 ne yake haɗawa da batsa. Na ga wanda ya sa mai 2 yana ta murna ya tsare gida.

CleanBrowsing kuwa, matatarsu ta iyali wato Family Filter, hannunta ya fi nauyi. Bayan shafukan batsa tana toshe shafukan da suka gauraya mai kyau da maras kyau irin su Reddit, tana toshe shafukan VPN da na furokzi waɗanda yara ke bi su zagaye shinge, sannan tana tilasta wa Google da Bing yin SafeSearch, wato cire batsa daga sakamakon bincike, ta kuma sa YouTube a Restricted Mode. SafeSearch ɗin nan ne ya fi muhimmanci a gidan da ke da ƙananan yara, domin yaro ɗan shekara tara ba ya rubuta sunan shafin batsa. Kalma yake rubutawa a Google, ya danna wurin hotuna. Google ba shafin da za a toshe ba ne, don haka dabarar ita ce idan waya ta tambayi adireshin Google sai a ba ta na wani reshensa da ake kira forcesafesearch.google.com, wanda ba ya barin a kashe tacewar ko da yaron ya shiga saitin ya gwada.

Sai dai wannan tsananin yana da farashi. YouTube da ke Restricted Mode ba ya nuna sharhin da mutane ke yi ƙarƙashin bidiyo, kuma yana ɓoye wasu bidiyoyin da ba su da laifin komai: labaran da suka taɓo yaƙi, bayanin lafiyar mata, wani lokaci har karatun malamai. Kuma da yake a rauta ka sa, kai ma ya shafe ka, Hajiya ma ya shafe ta. A tsarin kyauta ba ka da ikon cewa a buɗe wa wannan wayar a rufe wa waccan. In aikinka yana buƙatar VPN, to nan ma za ka iya cin karo da shi.

Ni a gidan da ke da yara 'yan firamare da ƙaramar sakandare, CleanBrowsing zan sa, in haƙura da sharhin YouTube, wanda dama ba wani alheri ke cikin mafi yawansa ba. In kuwa manya sun fi yawa, ko rautar ce kake aikin ofis da ita, ka sa 1.1.1.3 ka kwana lafiya. Ga lambobin:

```
Cloudflare:     1.1.1.3          1.0.0.3
CleanBrowsing:  185.228.168.168  185.228.169.168
```

Sawa ba wuya. Ka haɗa wayarka ko kwamfuta da waifai ɗin gidan, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin rautar. Yana jikin takardar da ke manne a ƙasanta ko bayan batir, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Ka shiga da suna da kalmar sirrin da ke wannan takardar. Ka nemi wurin da aka rubuta DNS, ko dai ƙarƙashin WAN ko Internet, ko ƙarƙashin DHCP. Ka cire shi daga Automatic ka mai da shi Manual, ka sa lambar farko a Primary DNS, ta biyu a Secondary DNS, ka danna Save, ka kashe rautar ka kunna. Wayoyin gida ma a kashe musu waifai a kunna, don su karɓi sabon saitin. Kafin ka fita, ka canja kalmar sirrin shiga rautar kanta, ba ta waifai kaɗai ba. In ka bar ta a admin, duk yaron da ya iya juya rautar ya karanta takarda zai iya warware aikinka cikin minti biyu.

Akwai kuskuren da na yi a gidan yayana wanda nake so ka kiyaye. Na sa 185.228.168.168 a Primary, sai na ce bari in bar 8.8.8.8 na Google a Secondary, ko da na farko ya samu matsala kada intanet ta tsaya. Na gwada, shafin gwaji ya ƙi buɗewa, na sha shayi na tafi. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce abin nan naka wasa yake yi, wani lokaci ya toshe, wani lokaci ya buɗe. Ashe Secondary ba ɗan jiran gado ba ne da zai zauna sai na farko ya mutu. Rautoci da wayoyi da yawa suna tambayar duk wanda suka ga dama, ko wanda ya riga amsawa, kuma 8.8.8.8 ba ya hana komai. Da zarar ya ba da amsa sau ɗaya, wayar tana riƙe ta na wani lokaci. Na koma na sa 185.228.169.168 a gurbinsa, matsalar ta tafi. Dole gurbin biyu su zama na matata ɗaya.

Gwaji kuma ba sai ka buɗe ƙazanta da idonka ba. In Cloudflare ka sa, suna da shafin gwaji marar komai a ciki. A kwamfuta mai Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
ipconfig /flushdns
nslookup nudity.testcategory.com
```

In amsar ta dawo 0.0.0.0, matatar tana aiki. In CleanBrowsing ne, ka gwada buɗe reddit.com, bai kamata ya buɗe ba. Sannan ka shiga YouTube ka duba ƙarƙashin kowane bidiyo, za ka tarar an ɓoye sharhi. Ka yi gwajin a kowace na'ura, har talabijin, kada ka gwada a taka kaɗai ka yanke hukunci. Idan wata ta tsallake alhali sauran sun toshu, ka duba ko rautar tana da IPv6 a kunne. Wannan hanya ce ta biyu mai nata DNS ɗin daban, kuma in ba ka cike gurbinta ba, na kamfanin layi ne zai ci gaba da amsawa ta can. Ko ka kashe IPv6 ɗin, ko ka sa nasa lambobin. Na Cloudflare su ne 2606:4700:4700::1113 da 2606:4700:4700::1003.

Wata matsalar da za ta iya tare ka tun daga ƙofa: wasu rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa da tambarinsu, musamman ƙananan na aljihu, ba su da gurbin DNS kwata-kwata. Na taɓa ɓata yamma guda ina lalube a cikin wata, ashe an cire wurin. In taka haka take, ka sayi ƙaramar rauta ta biyu, ka jona ta da waccan da kebul in tana da ramin kebul, ka sa DNS a sabuwar, ka kashe waifai ɗin tsohuwar ko ka ɓoye kalmar sirrinta.

To, abin da duka biyun ba za su yi maka ba. Ba wanda zai tace abin da ke yawo cikin WhatsApp, Telegram, TikTok ko X, saboda sunan da wayar ta tambaya sunan manhajar ne, ba sunan bidiyon ba. Kuma rauta tana da iko ne kawai a kan wanda ya bi ta cikinta. Yaron da ya kashe waifai ya kunna datar layinsa ya fita daga hannunta. Haka wanda ya riga ya saukar da manhajar VPN, ko ya shiga saitin Chrome ya zaɓi wani Secure DNS na daban. Wayoyin Android, tun daga sigar 9, suna da wani wuri da ake kira Private DNS. Aka rubuta dns.google a nan, wayar ta daina sauraron rautarka.

Wannan wurin dai kana iya juya shi ya yi maka aiki. A wayar babban yaronka, ka shiga Settings, ka nemi Private DNS, ka zaɓi Private DNS provider hostname, ka rubuta ɗaya daga cikin waɗannan gwargwadon wanda ka sa a rauta:

```
family-filter-dns.cleanbrowsing.org
family.cloudflare-dns.com
```

Daga nan tacewar za ta bi wayar duk inda ta je, a kan data ko a waifai ɗin maƙwabta. Zai iya gogewa in ya san wurin, don haka ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci ka ga ko rubutun yana nan.