Injin tatsar mai ko kayan ƙuli-ƙuli: wanne ƙungiyar manoman gyaɗa za ta saya?

Ƙungiyoyin gama kai da yawa a ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Zango da Ɓaure, suna zuwa gaɓa guda: an gaji da kai gyaɗa kasuwar Mai'aduwa da kaka a sayar da arha, an tara kuɗi a asusu, sai a ce a sayi inji. Yawanci idon kowa na kan babban injin tatsar mai. Ni kuwa shawarata, kafin a tambayi lita nawa inji ke fitarwa, a fara tambayar me za a yi da abin da ya rage bayan an cire man, domin fiye da rabin nauyin gyaɗar can yake komawa.

Hanyoyin guda biyu ne. Ta farko ita ce injin matsa mai dunƙulen ƙarfe a cikinsa, irin wanda ake shigowa da shi daga China ko Indiya. Ana zuba tsabar gyaɗa ta sama, mai ya tsiyayo ta ƙasa, busasshen tunkuza ya fito ta gaba falle-falle. Ta biyu ita ce aikin da iyayenmu mata suka saba, sai dai a sauƙaƙa shi da ƙananan injuna uku: gangar suya, injin markaɗe, da injin juya ƙullun gyaɗa da ruwan zafi har mai ya taso. Maƙeran zamani a Katsina da Kano suna haɗa duka ukun.

A ɗauki tsabar gyaɗa kilo 100. Kusan rabin nauyinta mai ne, amma ba injin da ke fitar da shi duka. Injin matsa mai lafiya yakan ba da kamar lita 42, da busasshen tunkuza wajen kilo 58. Hanyar suya da markaɗe takan tsaya a wajen lita 30, da ƙuli-ƙuli kimanin kilo 55. Farashi yana motsi kowane mako, don haka waɗannan kuɗaɗen na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa: a ce kilon tsaba naira 1,500, litar mai 3,000, kilon ƙuli-ƙuli 1,800, busasshen tunkuza kuma 600. In an sayar da gyaɗar haka nan, an samu 150,000. Injin matsa zai kawo 126,000 na mai da 34,800 na tunkuza, wato 160,800, ba a cire kuɗin gas da na mai kula da inji ba. Hanya ta biyu za ta kawo 90,000 na mai da 99,000 na ƙuli-ƙuli, wato 189,000. Ko an cire 20,000 na itace da gishiri da leda da ladan masu mulmulawa, ta sha gaba, kuma ladan nan aljihun matan ƙungiya yake shiga.

Dalilin tazarar a fili yake. Tunkuzan injin matsa ya sha zafi ya bushe ƙayau, ba ya mulmuluwa, masu haɗa abincin kaji da masu kiwo ne kasuwarsa, su kuwa ba ruwansu da sunan ƙungiya, nauyi suke saye. Ƙuli-ƙuli abincin mutane ne. Mai tsire na nema, mai yaji na nema, uwar gida na so don kwaɗon zogale, ɗalibai na tafiya da shi makaranta. A kansa ne suna ke ƙara kuɗi.

Wannan ba ya nufin injin matsa ba shi da rana. Ribarsa a kan kowane buhu kaɗan ce, amma yana cin buhuna masu yawa a wuni, abin da hannu ba zai taɓa kamowa ba. Sai dai a duba sharuɗɗansa da kyau. Matsakaicinsa ma yana son wuta mai layi uku ko injin gas na kansa. Yana son gyaɗa shekara zagaye, ke nan sai ƙungiya na da jarin saye da kaka da ɗakin ajiya, in ba haka ba ya yi wata uku yana aiki, tara yana tsatsa. Dunƙulen ƙarfen da zobbansa suna cinyewa, musamman in gyaɗar na da yashi, kuma alamar ita ce tunkuza ya fara fitowa da maiƙo, mai ya ragu. Saboda haka kada a biya kuɗi sai an tabbatar ana samun kayan gyaransa a Kano, kuma a je da buhun gyaɗar ƙungiya a gwada a gaban dillali, a auna abin da ya shiga da abin da ya fito. In ya ƙi gwaji, a yi gaba. A tambayi matatar mai ma, don sau da yawa kuɗinta daban ne.

Ga ƙananan injunan, abin dubawa shi ne ƙarfen da ke taɓa abinci. A nemi wanda ba ya tsatsa ko da ya fi tsada, domin baƙin ƙarfe mai fenti yana zubar da ɓurɓushi cikin ƙullu, masu duba masana'anta kuma ba za su yarda da shi ba.

Sai maganar suna da mazubi, inda nan ma kayan biyu suka sha bamban. Man gyaɗa a gora mai tambari sai da lambar NAFDAC, kuma dokar ƙasa ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a man girkin da ake sayarwa. Akwai kuɗin gora da murfi mai hatimi, ga gogayya da manyan kamfanoni a kan kanta ɗaya. Ƙuli-ƙuli ma yana buƙatar lambar kafin ya shiga manyan shaguna, amma kayan ƙunsa shi ba su wuce leda mai kauri, sikeli, da ɗan injin liƙe baki ba. Takardar da za a manna ta ɗauki sunan kaya, sunan ƙungiya da adireshinta, nauyi, ranar yi, ranar lalacewa da lambar rukuni. Takardar rajistar ƙungiya ta jiha ba ta kare sunan kaya. Rajistar tambari a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya ake yin ta. Kada a buga leda dubbai kafin lamba ta fito, sitika ta wadatar a farko.

Abin da ke kashe suna da sauri shi ne rashin daidaito. In mata goma suna suya a gidaje goma, wannan leda ta yi gishiri, waccan ta ƙone, mai saye ba zai dawo ba. A haɗa aikin wuri ɗaya, a auna gishiri da sikeli, a yanke girman ƙuli ɗaya. A bar shi ya huce sarai kafin a liƙe, domin in aka rufe da ɗumi leda za ta yi gumi daga ciki, ya yi laushi, ya yi fumfuna. Man kuma a dafa shi har ruwan ya ƙone, a bar shi ya kwanta kwana biyu ko uku kafin a ɗura. Wanda ke kumfa a kasko ko ya tara laka a gindin gora an yi masa gaggawa.

Akwai kuma gubar afulatoksin da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe ba ko ta sha fari a gona. Suya ba ta kawar da ita, kuma ta fi taruwa a tunkuza fiye da mai, wato mai ƙuli-ƙuli ya fi kowa shiga hatsarinta. Maganinta tsinta: a shanya a kan tamfol, a fitar da duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi ko ƙwaro ya huda. A sa wannan asarar cikin lissafi tun farko, a kuma riƙa biyan memban da ya kawo tsaba mai kyau fiye da wanda ya kawo gauraye.

Ƙungiyar da abin da take tarawa bai wuce buhu ɗari ko ɗari biyu a shekara ba, ta fara da ƙananan injunan, ta sa sunanta a kan ƙuli-ƙuli, man kuma ta sayar a jarka ga masu ƙosai da masu abinci na cikin gari. Injin matsa ya jira sai an samu mai sayen tunkuza tsayayye da jarin gyaɗar wata shida aƙalla.