Asabar ɗin da kalmar tattabara ta kayar da mu a ajin Asawase

Na kammala ajin koyon dabarun firogiramin na Asabar shida da ake yi a wani ɗaki a Asawase, nan Kumasi, kuma 'yan'uwa da yawa daga Aboabo sun tambaye ni ko kuɗin da na biya ya yi amfani. Ba zan bi makonnin ɗaya bayan ɗaya ba. Asabar ta uku ce ta fi zauna mini a kai, ita kuma ta nuna mini ƙarfin ajin da rauninsa, don haka a kanta zan tsaya.

Mu goma sha ɗaya ne, muna shiga bayan Azahar mu tashi kafin Magariba, Malam yana koyarwa da Hausa, muna rubutu da Python. Ranar ya kawo tambaya ta 3 a LeetCode, shafin intanet na tambayoyin gwajin firogiramin: an ba ka jerin haruffa, ka nemo tsawon yanki mafi tsawo wanda babu harafin da ya zo sau biyu a cikinsa. Sharaɗin shi ne haruffan su kasance a manne da juna, ba a tsallake ko ɗaya. Malam ya nanata wannan da misalin `pwwkew`: amsa 3 ce, daga `wke`, domin `pwke` sai an tsallake `w` guda kafin a same shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai bari mun buɗe kwamfuta ba. Ya rubuta haruffa a kan kwali, ya ba kowa murfin kwalba biyu. Murfi ɗaya shi ne hagu, ɗaya dama, abin da ke tsakaninsu kuwa shi ne taga. Ya ce mu tuna tagar gilashin nan da ake ja a kan layinta, daga nan ne dabarar ta samo sunan da ake nemanta da shi, `sliding window`, sai dai tamu tana faɗaɗa tana kuma tsukewa. Dama yana matsawa gaba harafi ɗaya kowane lokaci. Idan sabon harafin babu shi a cikin taga, taga ta ƙaru. Idan kuwa yana ciki, sai a tura hagu gaba har ya wuce tsohon. Duk lokacin da aka gyara taga sai a auna tsawonta, a riƙe mafi girma.

Na tambaye shi, "Malam, in na tura hagu gaba, ta yaya na san ban bar amsa mafi kyau a baya ba?" Amsar da ya ba ni ita ce abu mafi daraja da na ɗauka daga ajin. Ya ce da zarar taga ta ƙunshi harafi biyu iri ɗaya, ko nawa ka faɗaɗa ta suna nan a ciki. Saboda haka duk yankin da ya fara daga tsohon hagu ya kai iyakarsa, kuma ka riga ka auna shi. Babu abin da za ka koma nema. Shi ya sa kowane murfi gaba kawai yake tafiya, kuma a jeri mai haruffa 50,000 kowannensu ba zai wuce taku 50,000 ba. In kuwa ka ce sai ka duba kowane yanki ɗaya bayan ɗaya, lissafin `n(n+1)/2` zai ba ka yankuna 1,250,025,000.

A nan ina da ɗan gyara ga Malam. Ya gabatar da wannan adadi kamar shi ne makomar duk wanda bai san taga ba. Amma mai bin hanya mai sauƙi, idan yana tsayawa da zarar ya ga maimaici, kuma haruffan guda 26 ne kawai na Ingilishi, ba zai wuce taku 27 daga kowane mafari ba. Taga ta fi, babu musu, sai dai ratar tana bayyana sosai ne idan alamomin suna da yawa. Na so a ce ya faɗi haka.

Bayan murafai sai muka koma kwamfuta. Maimakon a ja hagu taku-taku, ana iya ajiye wurin da aka ga kowane harafi na ƙarshe a cikin `dict`, sai hagu ya yi tsalle ɗaya. Yawancinmu mun rubuta cewa in dai an taɓa ganin harafin, hagu ya koma gaban wurin da aka gan shi. Muka gwada da misalai uku da ke jikin tambayar, `abcabcbb` da `bbbbb` da `pwwkew`, muka sami 3 da 1 da 3, duk daidai. Wata 'yar'uwa da ke kusa da ni har ta rufe kwamfutarta. Malam bai ce komai ba, ya rubuta `tattabara` a allo ya ce mu saka. Takwas daga cikinmu muka sami 4. Amsar gaskiya 3 ce.

Ga yadda abin yake idan aka bi shi a hankali, ana ƙirga wurare daga 0 kamar yadda Python ke yi. A wuri na 0 akwai `t`, a na 1 akwai `a`, taga ta zama `ta`, tsawo 2. A wuri na 2 `t` ta dawo, an gan ta a 0, hagu ya koma 1, taga `at`. A wuri na 3 wata `t` ce kuma, an gan ta a 2, hagu ya yi tsalle zuwa 3, taga ta rage harafi ɗaya tak. Har nan kowa daidai yake.

A wuri na 4 ne muka faɗi. Harafin `a` ne, kuma `dict` yana riƙe da cewa an gan shi a wuri na 1. Gaskiya ne an gan shi, amma wannan `a` ɗin ya daɗe da fita daga taga, tunda hagu yana 3. Namu rubutun bai duba haka ba, ya mayar da hagu zuwa 2, wato baya. Taga ta zama `tta`, da `t` biyu a ciki, kuma babu abin da ya yi ƙara. Da `b` ta shigo a wuri na 5 sai ya auna `ttab` ya ce 4. Wanda ya rubuta daidai kuwa, a wuri na 4 ba ya taɓa hagu, taga `ta` ce, a na 5 ta zama `tab`, tsawo 3. A na 6 `a` ta dawo, wannan karon tana cikin taga a wuri na 4, hagu ya koma 5. Daga nan `ba`, sai `bar` mai tsawo 3, sai `a` ta ƙarshe ta tura hagu zuwa 7. Babu inda aka wuce 3.

Gyaran rabin layi ne, a tabbatar wurin da aka ga harafin bai gaza hagu ba:

```python
def mafi_tsawo(s):
    gani = {}
    hagu = amsa = 0
    for dama, harafi in enumerate(s):
        if harafi in gani and gani[harafi] >= hagu:
            hagu = gani[harafi] + 1
        gani[harafi] = dama
        amsa = max(amsa, dama - hagu + 1)
    return amsa
```

Malam ya ba mu hanya biyu ta gane wannan kuskure. Ta farko, a buga darajar `hagu` a kowane zagaye. In ta taɓa raguwa ko sau ɗaya, akwai matsala. Ta biyu, a riƙe `abba` a matsayin gwaji, domin haruffa huɗu kawai ne amma suna tona asirin: mai kuskure zai ba da 3, mai kyau 2. Sunan da muke kiran mahaifinmu da shi a gida ke nan, ba na jin zan manta. Kuma na lura misalan nan uku sun wuce ne saboda a cikinsu babu harafin da ya dawo bayan taga ta riga ta bar shi a baya. Na ji daɗin yadda ya bar mu muka faɗi tukuna sannan ya yi bayani. Da ya ba mu layin tun farko, da na kwafa ban san abin da yake karewa ba.

Yanzu inda ajin ya gaza. Kusa da tashi Malam ya nuna mana cewa ana iya sauya `dict` da jeri mai gurbi 128, `[-1] * 128`, a yi amfani da `ord(harafi)` a matsayin lambar gurbi, ya ce ya fi sauri. Bai faɗi cewa gurabe 128 na haruffan ASCII ne kawai ba, wato haruffan Ingilishi da lambobi da wasu alamomi. Da na koma gida na saka `ƙosai`, nan take na sami `IndexError`, domin lambar `ƙ` ita ce 409. Ta `ɓ` 595 ce, ta `ɗ` 599. A aji da ake koyarwa da Hausa, ga mutanen da rubutun Hausa za su yi aiki a kai, wannan bai kamata ya wuce ba a ambata ba.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa, wani ɗan ajinmu mai rubutu da C++ ya ci karo da shi. A tsarin UTF-8 na ajiye rubutu a kwamfuta, kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne, kuma `ɓ` da `ɗ` bayit ɗinsu na farko ɗaya ne, `C9`. Haka ma `ɛ` da `ɔ` na rubutun Twi da muke gani a jikin shaguna da motoci kullum, su ma da `C9` suke farawa. Duk firogiram da ke tafiya bayit-bayit zai ga maimaici inda babu, ya kuma ƙirga harafi ɗaya a matsayin biyu. Na gwada da kaina: `mafi_tsawo("ɗan ɓera")` ya ba ni 7, wanda shi ne daidai in an haɗa da tazarar tsakiya, amma `mafi_tsawo("ɗan ɓera".encode())` ya ba ni 8, da taga da ta fara daga tsakiyar `ɗ`. Babu saƙon kuskure, lamba ce kawai da ba daidai ba. Na kai wa Malam wannan a Asabar ta huɗu. Ya karɓa da hannu biyu, ya rubuta a allo ya yi wa aji bayani, abin da ya ƙara masa girma a idona.

Wani gargaɗin da ya yi da kansa, kuma na gode masa a kai, shi ne kada mu ɗauki taga mu ɗora wa kowace tambaya. Tana aiki a nan ne saboda faɗaɗawa ba ta gyara tagar da ta lalace. Idan tambayar ta jimillar lambobi ce kuma akwai masu ragi a cikinsu, ƙara lamba ɗaya na iya sauko da jimillar da ta yi yawa, sai hujjar tura hagu gaba ta rushe.

Ga mai tambaya ko ya shiga: idan ka riga ka san `for` da `dict` a Python, ajin zai amfane ka, musamman sa'ar farko ta kwali da murfi. Idan yanzu ka fara, saurin zai yi maka yawa, domin mutum biyu sun daina zuwa bayan Asabar ta biyu. Ɗakin yana da zafi da rana, wuraren cajin kwamfuta kuma uku ne kacal, don haka ka zo da taka a cike. Zagaye na gaba Malam ya ce zai fara darasin taga da `tattabara` da `ɗan ɓera` tare, kuma ya nemi in zo in zagaya tsakanin sababbin ɗalibai in duba musu murafansu.