Na soke rajista, suka ci gaba da cirar kuɗi: yadda ta kaya da katina na Visa

Ina da ɗan shagon buga katin aure da na suna a Nima, nan Accra. Akwai wata manhajar zane ta ƙasar waje da nake biya dala 13 duk ranar 10 ga wata da katin Visa na bankina. Da aiki ya ja baya sai na shiga shafinsu ranar 3 ga Maris na soke, suka turo mini imel cewa sun karɓa. Ranar 10 ga Maris da asuba sai ga saƙon banki, an cire. Na ce ƙila kuskure ne, na rubuta musu, shiru. Ranar 10 ga Afrilu suka sake.

A banki na tarar da wata 'yar unguwar Maamobi a teburin ƙorafi, muka koma Hausa. Tambayarta ta farko ita ce, "Malam, sokewa ka yi ko goge manhajar ka yi daga waya?" Ta ce da yawa masu zuwa da irin wannan kuka gogewa kawai suka yi, alhali izinin cirar kuɗin yana nan a wurin kamfanin. Na miƙa mata wayar, ta sa yatsa ta buɗa imel ɗin sai da kwanan watan ya fito ɓaro-ɓaro, ta ce, "To, da wannan za mu yi faɗan."

A dokokin Visa, irin wannan ƙara tana da lamba 13.2, sunanta Cancelled Recurring Transaction. Da zarar mai kati ya janye izini kafin ranar da aka ciri kuɗin, kamfani ba shi da hurumin sake taɓa katin, kuma bankinka na iya ƙwato kuɗin ta hannun bankin kamfanin. Wa'adin kwana 120 ne, ana ƙirga wa kowace cira nata daga ranar da ta shiga. Na cika fom, na haɗa imel ɗin sokewa, da saƙon da na tura ba su amsa ba, da takardar asusu mai nuna cirar biyu, dala 26 ke nan.

Ni da kwaɗayi, na ce a haɗa har da ta 10 ga Fabrairu tunda ban cinye watan ba. Ta yi dariya ta ce wannan kam ta tafi, don lokacin da aka cire ta izinina yana nan daram. Sai ta ja mini kunne a kan abin da ban taɓa tunani ba: kada in kuskura in sake shiga manhajar. Ɓangaren kamfanin yana da kwana 30 ya kawo amsa, kuma babbar hujjarsu ita ce su nuna ka ci gaba da amfani da abin bayan ranar da ka ce ka soke. Suna da tarihin duk shigar da ka yi. Ko yaron shago ne ya buɗe ya zana katin walima ɗaya, a kanka za a rubuta. Ina komawa na cire ta daga kwamfutar shagon.

Abin da na yaba shi ne nauyin yana wuyan mai sayarwa. Tun Afrilun 2020 Visa ta wajabta wa masu ba da gwajin kyauta su tunatar da mutum aƙalla kwana 7 kafin su fara cira, kuma su ba shi hanyar sokewa mai sauƙi ta intanet. Mastercard ma tana da nata makamantan. Kamfanin da ƙararraki suka yi masa yawa kuwa, tara ce ke jiransa, har yana iya rasa damar karɓar kati.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Sai da na yi sawu uku a bankin, kuɗin suka dawo bayan kusan mako bakwai, kuma da aka juya su zuwa sidi ba su zo daidai da abin da ya fita ba, saboda canjin dala ya motsa. Na kuma so in sauya katin in huta, ta ce babu tabbas a nan, don akwai tsarin da ke iya sanar da kamfani sabuwar lambar kati. Gara a sa banki ya toshe wannan kamfanin shi kaɗai, haka kuma aka yi.

Maƙwabcina mai gyaran waya ya ji labari ya ce shi ma zai je. Da muka duba, nasa ta MoMo, wato asusun kuɗin waya, ake cira kai tsaye, dokar Visa ba ta kai can ba, sai dai ya bi ta kamfanin layinsa. Kuma ko imel ɗin sokewa ba shi da shi.