Bilic mai kulorin ko mai oksijin: abin da na gani a bahon wankina

Ni ce ke wankin gidanmu, daga fararen shaddodin maigida har kayan makarantar yara, kuma na daɗe ina ajiye bilic iri biyu. Akwai na ruwa mai kulorin, wanda a nan muke kira haifo, 'yan Nijar kuma su ce jabel. Akwai kuma na gari mai oksijin, wanda idan ya narke yake sakin haidurojin feroksaid, dangin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Hukuncina shi ne, farin kaya kaɗai bai isa dalilin zuba kulorin ba. Sai an san zaren yadin, an kuma san abin da ya yi tabon.

A kan farar auduga zalla, kamar zanen gado, tawul da singileti, kulorin ba shi da na biyu. Ina zuba kwatan kofi a ruwan sanyi lita 4, in motsa kafin in sa kaya, in bar su minti 5, sannan in ɗauraye sosai. Tabon zoɓo, na shayi da baƙin ɗigon da danshin damina ke bari duk suna tafiya nan take, ga shi da araha, ga kashe ƙwayoyin cuta. Amma idan aka bar kaya suka kwana a ciki, ko aka tsiyaya shi kai tsaye a kan yadi, yana cin zaren. Ba a ranar ake gani ba, sai bayan wasu wankin wurin ya yi laushi ya huje.

Inda ya fi ba ni takaici shi ne wuyan riga da hammata. Gumi na ɗauke da furotin da maiƙon jiki, kulorin kuwa maimakon ya fitar da su sai ya ƙara musu rawaya. Haka yake yi wa farin nailan da hijabi mai roba: farin ya koma ruwan ɗorawa, robar ta saki, kuma babu gyara. Siliki da ulu kam narkar da su yake yi. Masu wanki da ruwan burtsatse su ƙara lura, domin idan ruwan na da sinadarin ƙarfe, kulorin na fito da shi ya zauna a kan kaya kamar tsatsa. Alamar ita ce ruwan bahon ya sauya zuwa jaja-jaja bayan an zuba bilic. Tabon tsatsa ma kafe shi yake yi. Lemon tsami da gishiri ne maganinsa.

Na gari kuwa sai da haƙuri. A ruwan sanyi kusan ba ya taɓuka komai, shi ya sa wasu ke cewa kuɗinsu ya tafi a banza. Ga yadda na yi da wata farar shadda mai aikin zare ruwan toka, wadda ta dawo daga biki da zoɓo a gaba, manja a hannu, wuya kuma ya dafe. Na fara goga sabulun wanke-wanke a kan manjan, domin babu bilic ɗin da ke fitar da mai. Sai na narkar da cokali 2 na garin a lita 4 na ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa, wajen digiri 40 zuwa 50, na nutsar da rigar gaba ɗaya. Cikin awa ɗaya zoɓon ya ɓace. Wuyan sai da ya kai awa 4, na ɗan cuɗa shi. Inuwar manjan da ta rage, rana ce ta ƙarasa ta a kan igiya. Aikin zaren bai koɗe ba, alhali da kulorin ne da wuya kalarsa ta tsira.

Da na garin nake jiƙa atamfa da kayan makaranta masu kala, amma sai na shafa ɗan ruwansa a cikin kalmasa na ga kala ba ta zuba ba, musamman kayan rini na gida. Shi ma ba na sa shi a siliki ko ulu. Jini kuma sai na fara wanke shi da ruwan sanyi, don zafi na dafa shi a cikin zare. Aibin na garin shi ne tsada, sannan ruwan da aka haɗa yana mutuwa bayan kamar awa 6, kuma ba a toshe shi a gora domin iskar da yake fitarwa na iya fasa ta.

Abin da nake roƙon kowace mai wanki: kada a haɗa kulorin da ruwan wanke masai mai asid, ko ruwan tsami, ko amoniya. Iskar da ke tashi guba ce mai ƙona huhu, musamman a rufaffen banɗaki.