Hoton falon otal a shafin kama ɗaki: umarni mai kirari ko umarni mai kwatance?

"Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wani ƙaramin otal shafin kama ɗaki, mai wurin kuma yana son hoton falon karɓar baƙi a can sama, wanda da ka gan shi za ka ji kamar an yi maka sannu da zuwa. Ga abin da na rubuta wa Midjourney, manhajar nan mai ƙirƙiro hoto daga rubutu:

```
luxury hotel lobby, warm, welcoming, cozy, beautiful, 8k, ultra realistic
```

Hotunan sun yi kyau, amma sam ba su kwanta mini ba. Wani abokina ya ce in daina jera kalmomin yabo, in kwatanta wurin kamar mai ɗaukar hoto. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya fi kusa da gaskiya, amma naka ma bai zama na yarwa ba. Ga irin nasa a gefen naka, mu auna su tare:

```
photo of a small hotel lobby at dusk, eye level from the entrance, 28mm lens,
wooden reception desk on the right, two table lamps, 2700K light,
tan leather armchairs, woven rug, soft blue daylight in one window,
plain cream wall on the left third --ar 16:9 --no text, chandelier
```

Naka kirari ne. Ka yi wa falon kirari, ka bar na'ura ta zaɓi falon da ya dace da shi. Ita kuwa abin da ta fi gani a ƙarƙashin kalmar `luxury` shi ne manyan otal-otal masu daɓen marmara, da silin mai nisa kamar na filin jirgi, da ƙatuwar fitila mai ƙyalƙyali tana reto a tsakiya. Ko ban ga hotunanka ba, ina zargin haka suka fito: wuri mai faɗi, fes, babu kowa, mutum ya ji kamar sai ya goge takalminsa kafin ya taka. Wannan burgewa ce, ba tarba ba. Kalmomin `luxury` da `cozy` ma ja-in-ja suke yi da juna, ɗaya na neman girma, ɗaya na neman kusanci, kuma sau da yawa mai neman girman ce ke rinjaye. Su `8k` da `ultra realistic` kuwa ba sa ƙara wa hoton girman komai. Cika baki ne kawai.

Babban bambancin yana wajen haske, don haka bari in daɗe a nan.

Idan ka ce `warm` kaɗai, hanya mafi sauƙi ga na'ura ita ce ta shafe hoton duka da ruwan goro. Bango ruwan goro, ƙasa ruwan goro, har farar takardar da ke kan kantar karɓar baƙi ta koma kamar an tsoma ta a manja. Ido ba ya karanta wannan a matsayin ɗumi, yana karanta shi a matsayin ƙura ko tsohon hoto. Umarni na biyu bai roƙi ɗumi ba, ya faɗi inda ɗumin yake fitowa: fitilun tebur guda biyu, masu haske 2700K. Wannan lambar ita ce wadda ake bugawa a kwalin kwan lantarki. Daga 2700 zuwa 3000 shi ne haske mai ruwan ɗorawa irin na tsohon kwan fitila. 6500 kuwa shi ne farin nan tas da ke cika shagunan magani da ofisoshi. Kada ka ɗauka na'urar tana auna lambar kamar injiniya. A'a, ta dai saba ganin ta tare da hotuna masu irin wannan hasken, sai ta karkata can.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tagar nan mai shuɗin haske. Ruwan ɗorawa ba ya nuna kansa sai da abin da zai tsaya a gefensa. Ka tuna yadda gida yake idan ka doso shi dab da magariba: sama ta yi shuɗi-shuɗi, an kunna fitilar zaure, sai ka ga hasken yana kiran ka ciki. Da rana tsaka wannan fitilar ko kallo ba ta ishe ka ba. Shi ya sa aka sa `at dusk` da taga ɗaya tak. In ka cire su, ka koma gidan jiya, hoton ya sake zama ruwan goro zalla.

Sai inda mai kallo yake tsaye. A naka ba a faɗa ba, don haka na'ura takan ɗaga kyamara sama ko ta ja ta can kusurwa don ta nuna girman wuri. A na biyu an tsayar da shi a bakin ƙofa, daidai tsayin idon mutum, wato inda baƙo zai tsaya da jakarsa a hannu. Daga nan idonsa zai faɗa kan kanta, ya san inda zai nufa. An zaɓi gilashin kyamara na `28mm` ne saboda yana ɗaukar falo da ɗan faɗi ba tare da ya miƙe kujerun gefe ba. In ka sauka zuwa 14 ko 16, ƙaramin falo zai koma kamar ɗakin taro.

Kayan ɗaki ba sa buƙatar dogon bayani. Katako, fata da saƙa suna shanye haske su dawo da shi a tausashe. Marmara, gilashi da ƙarfe mai sheƙi suna wurgo shi da sanyi. In kana son wurin ya yi kama da namu, ambaci abu ɗaya ko biyu da sunansu, kamar tumtum na fata ko faifai a jikin bango. Kada dai ka rubuta `African style` ka tsaya, don za ta cika maka bango da dodannin katako da fatar jakin dawa.

Akwai kuma abin da kai mai haɗa shafi ya fi shafa. Hoton nan ba shi kaɗai zai zauna ba, a kansa za ka ɗora akwatin ranar shiga, ranar fita da maɓallin kama ɗaki. Umarninka bai bar musu wuri ba, kuma tunda ba ka sa `--ar` ba, wato alamar da ke tsayar da faɗi da tsawon hoto, Midjourney murabba'i zai ba ka, sai ka yanke sama da ƙasa kafin ya shiga. Na biyu ya nemi 16:9, ya kuma keɓe kashi ɗaya cikin uku na hagu ya zama bango fili. Amma ka sani, yawancin masu shiga shafin da waya za su shiga, a waya kuma gefen hagu da na dama na hoton ne ake yankewa. Ka sake fitar da wani da `--ar 4:5`, kanta a tsakiya, filin rubutu a sama.

To ina naka ya fi? Wajen laluben hanya. Idan mai otal bai san abin da yake so ba, gajeren umarni yana kawo abubuwa mabambanta cikin minti kaɗan, ka nuna masa, ya ce wannan kujerar, wancan hasken. Daga nan ka rubuta mai kwatancen. Shi ma mai kwatancen yana da nasa aibi. Na'ura ba kullum take bin hagu da dama ba, za ka iya neman kanta a dama ta ajiye ta a tsakiya, sai ka sake gwadawa sau uku ko huɗu. Idan ka cika shi da kaya goma sha, za ta fara zubar da wasu ko ta cakuɗa su, fatar kujera ta hau kan kanta. A tsofaffin samfuran Stable Diffusion ma, wata manhajar irin Midjourney, sashen da ke karanta rubutu guntayen kalmomi 77 yake ɗauka a zubi ɗaya, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ake sa wa a gaba. Sannan abin da ba ka so, kada ka sa shi cikin jimla. Ka rubuta `no chandelier` a tsakiyar umarni, sau da yawa fitilar ce za ta fito, domin na'ura ta ji sunanta. Wurinsa bayan `--no`, ko akwatin `negative prompt` a inda ake da shi.

Na bar mutum daga cikin umarnin da gangan. Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ma'aikaci ɗaya a bayan kanta yana murmushi ya fi fitila goma aiki. Sai dai a faffaɗan hoto fuskarsa ƙarama ce, nan ne kuma na'ura ta fi yin ɓarna: ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, yatsu a manne. In za ka sa shi, mutum ɗaya ya isa, ka faɗi ko wane ne, misali `West African receptionist`, in ba haka ba galibi Bature za ta tsayar maka. Ka kuma duba fatarsa da kyau, domin hasken ruwan ɗorawa in ya yi yawa yana mayar da baƙar fata ja-ja kamar jan ƙarfe.

Kafin ka karɓi kowane hoto, buɗe shi ya cika allo. Nemi wani abu da ya kamata ya zama fari, takarda ko rigar ma'aikaci. In ya rine, ɗumin ya wuce gona da iri. Ƙirga ƙafafun kujeru. Dubi ginshiƙai ko sun tsaya cak. Dubi agogon bango da allon sanarwa, don nan rubutun aljanu ke ɓuya.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Wanda ya ga falo a shafin kama ɗaki, ya ɗauka falon da zai tarar ke nan. Na taɓa haɗa wa wani masauki shafi, na sa hoton na'ura a sama da niyyar na wucin gadi ne, muka manta da shi. Ba a jima ba manajan ya kira ni, ransa a ɓace, wai wata baƙuwa ta tsaya a gaban kantar karɓar baƙi da wayarta a hannu tana tambayar ina kujerun fatar suke. Nasu na roba ne. Laifina ne, kuma na karɓa. Shafuka irin su Booking.com ma hoton ainihin wurin suke nema. Don haka hoton na'ura ya tsaya a matsayin samfurin da za ka nuna wa mai otal, ko ka riƙe shi a wurinka har a ɗauki na gaske.

Nan ne umarni na biyu ya yi wa naka fintinƙau, domin ko an kashe kwamfuta yana da amfani. Fassara shi ka miƙa wa mai ɗaukar hoto, ya zama takardar aiki. A kashe fararen fitilun silin, a sayo fitilun tebur biyu da kwan 2700 ko 3000, a kwashe kalanda da tarin wayoyin caja daga kan kanta, a zuge labulen taga ɗaya. Mai hoto ya kafa kyamararsa a bakin ƙofa tun bayan la'asar, ya jira rana ta faɗi. Shuɗin nan ba ya daɗewa a ƙasarmu, don haka komai ya zama a shirye kafin ladan ya kira magariba.