Sharhi: Na gwada manhajar ƙirga ƙuri'u irin ta gasar Oscar

Na daɗe ina jin zafin yadda fim ɗin da jama'a suka fi rububin kallo yake tashi a tutar babu a daren Oscar, saboda haka da ƙungiyarmu ta masu kallon finafinai ta tashi zaɓen gwarzon fim na shekara, sai na ba da shawarar mu yi amfani da wata manhaja da ke ƙirga ƙuri'u bisa tsarin fifiko. Wannan tsari ne mambobin hukumar Oscar, su kusan 10,000, suke bi wajen zaɓen gwarzon fim tun bikin 2010: kowa yana jera finafinan daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe, kuma babu mai nasara sai wanda ya haura rabin ƙuri'u.

Mu 40 ne, finafinai kuma huɗu. A zagayen farko fim ɗin yaƙin da kowa yake zancensa ya samu 15, wani labarin iyali mai sanyi ya samu 12, na uku 8, na huɗu 5. Manhajar ta cire na huɗu ta duba zaɓi na biyu a takardunsa, inda huɗu suka koma wa labarin iyalin, ɗaya ta tafi ga na uku. Da aka cire na uku mai ƙuri'u 9, shida suka sake komawa ga labarin iyalin, ɗaya kacal ta je wa fim ɗin yaƙin, aka tashi 22 da 16. Na zuba wa allon ido ina ganin fim ɗin yaƙin da na zaɓa yana tsaye cak, domin waɗanda ba su sa shi a farko ba, can ƙasa suka jefa shi. A nan na gane cewa tsarin yana fifita fim ɗin da mutane da yawa suka yarda da shi a kan wanda ya raba kawuna. Ga kuma bambancin masu zaɓe: na Oscar ma'aikatan harkar fim ne, ba masu sayen tikiti ba, kuma a 2010 The Hurt Locker suka ba kyautar duk da ɗimbin kuɗin da Avatar ya tara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda manhajar ta nuna kowane zagaye a fili, alhali hukumar Oscar ba ta bayyana alƙaluman ƙuri'unta. Aibinta kuwa, ba ta gargaɗin wanda bai kammala jerin sunayen ba. Mutum biyu daga cikinmu fim ɗaya kawai suka rubuta, da aka cire shi sai ƙuri'unsu suka mutu, kuma ransu ya ɓaci ƙwarai. Zan sake amfani da ita baɗi, amma sai na fara bayyana wa kowa cewa ya jera finafinan duka.