Sharhi: ina biyan kuɗin wata, amma waƙoƙina na komawa ruwan toka

Gyaran waya nake yi a Agege, kuma kafin manhajojin sauraron waƙa su yi yawa, har turin waƙoƙi a memori na yi wa mutane. Yanzu ni ma biyan kuɗin wata nake yi a ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan. Ba zan kama sunanta ba, domin abin da zan yi ƙorafi a kai na gan shi a wayoyin kwastomomi masu amfani da wasu manhajojin daban. Ta fuskar sauti ba ni da abin cewa sai yabo. Sautin fes yake, ba ta cin data sosai idan ka rage ingancin a saiti, kuma in ka sauke waƙoƙi da dare, za ka ji abinka cikin cunkoson Oshodi ko da sabis ya ɗauke. Matsalata ɗaya ce: waƙar da ka adana sai ka wayi gari sunanta ya dusashe ya koma ruwan toka, ka danna ta ƙi motsi, kuma babu wanda zai ce maka ga dalili.

Abin ya fi ƙona mini rai a jerin da na haɗa don kamun ƙanwata. Mun zauna da ita mun zaɓi waƙoƙi, na sauke su duka a waya don kada sabis ya ba mu kunya. Ana saura kwanaki kaɗan ta kira ni ta ce, "Yaya, waƙar da zan shigo da ita ba ta yi." Da na duba, uku ne suka dusashe: waƙar aure ta wani mawaƙin Kano wadda ita ce ta shigowar amarya, wata tsohuwar waƙar fim ɗin Indiya da Hajiyarmu ta roƙa, da wani tsohon faifan kalangu. A ido duk iri ɗaya suke. Da na bi diddigi, kowace da nata ciwon.

Kafin ka zargi lasisi, wato izinin da manhajar ke da shi a kan waƙar, ka fara kawar da ƙananan abubuwa, don su ma suna sa waƙa ta dusashe. Idan manhajar tana yanayin rashin intanet, duk abin da ba ka sauke ba toka zai koma. Idan an kunna matattarar da ke toshe waƙoƙin batsa, su ma haka. Ka fita daga asusunka ka sake shiga, ko ka buɗe shi a wata wayar. In waƙar ta ci gaba da zama toka alhali na sama da na ƙasa da ita suna yi, to ba wayarka ba ce, kada ka kai wa irina ka ɓata kuɗinka.

Gwajin da ya fi amfani mai sauƙi ne. Ko waƙa ta dusashe, yawanci kana iya kwafo adireshinta ka tura wa wani. Na tura ukun ga wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Indiya, wanda asusunsa na can ne. Waƙar Indiyan ta yi masa lafiya lau, sauran biyun kuwa shi ma toka ya gani. Daga nan na san inda aka dosa. Wadda ke yi a wata ƙasa ta ƙi yi a nan, maganar iyakar ƙasa ce. Wadda ta mutu ko'ina, cire ta aka yi daga tushe.

Yadda abin yake shi ne manhajar ba ta mallaki waƙa ko ɗaya ba. Izini take karɓa daga masu haƙƙi, na wani lokaci, kuma na wasu ƙasashe da aka lissafa. Kowace waƙa ma haƙƙi biyu ne a kanta: na sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda galibi yana hannun kamfani ko wanda ya biya kuɗin ɗauka, da na baiti da karin waƙar, wanda ke hannun marubuci ko wakilinsa. Ɗaya daga ciki ya samu tangarɗa, waƙa na iya tsayawa. Lokacin da ake ɗora waƙa, akwai wurin da mai ita ke zaɓar ƙasashen da za a ji ta. Kamfanin Indiya zai iya riƙe haƙƙin ƙasarsa ya ba wani kamfanin na sauran duniya, kuma ranar da wannan yarjejeniya ta ƙare ba a sabunta ba, Najeriya ta fita daga lissafi. Ba ni da ikon ganin takardunsu, amma alamar ta nuna: ba waƙar Hajiya kaɗai ba, duk waƙoƙin fim ɗin sun dusashe tare. Idan ka ga kundi guda ko waƙoƙin kamfani guda sun tafi rana ɗaya, ciniki ne ya watse tsakanin manya. Da yawa za su tuna farkon 2024, lokacin da kamfanin waƙa na Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok a watan Fabrairu, bidiyoyin mutane suka koma shiru, sai a watan Mayu da suka daidaita waƙoƙin suka dawo.

Wani yaro a shagonmu ya ce in kunna VPN kawai, manhajar nan da ke sa waya ta zama kamar a wata ƙasa take. Na san ba za ta fisshe ni ba. Ga mai biyan kuɗi, manhajar ba inda wayarka take kaɗai take dubawa ba, tana duba ƙasar da asusunka ke rajista, wadda ke ɗaure da katin da kake biya da shi. Katin bankin Najeriya, kundin Najeriya. Sannan dabarar ta saɓa wa sharuɗɗan da ka amince da su, ba na so in jefa asusun da na tara jerin waƙoƙi a ciki cikin haɗari saboda waƙa ɗaya.

Waƙar amaryar ita ce ta fi koya mini abu, don irin matsalarta ce ta fi damun waƙoƙinmu na Hausa. Mawaƙanmu da yawa ba su da babban kamfani a bayansu. Ta hannun dillalan intanet suke ɗora waƙa, irin su DistroKid da TuneCore, su kuma su rarraba ta zuwa manhajoji. Wasu dillalan kuɗin shekara ake biyan su, kuma da dala, in katin ya ƙi wucewa ko aka manta, sai a sauke waƙoƙin. Wani lokacin kuma yaron situdiyo ne ya buɗe asusun da imel ɗinsa, ranar da suka ɓata da mawaƙin sai ya tafi da makullin. Na shiga shafin mawaƙin a cikin manhajar, na rubuta sunan waƙar da hannu, sai ga ta nan da ranta, da sabon hoto, adadin saurarenta ya koma ƙasa kamar jiya aka sake ta. Wato an sauke tsohuwar an ɗora sabuwa.

Me ya sa jerina bai kama sabuwar da kansa ba? Kowane sauti da aka ɗora yana da lambar shaida da ake kira ISRC, haruffa da lambobi 12. Da ita da sauran bayanai, kamar suna da tsawon waƙa, manhaja ke gane cewa wannan da waccan abu ɗaya ne. Mawaƙin da ya canza dillali, in ya sake ɗora sautin nan dai da tsohuwar lambarsa, ya kuma jira sabon ya fito kafin ya sauke tsohon, yawanci manhajar kan haɗe su, jerin mutane bai lalace ba, adadin saurare bai zube ba. In kuwa ya bar sabon dillalin ya yanka masa sabuwar lamba, manhajar baƙuwar waƙa take gani. Duk wanda ya adana tsohuwar ya tashi da toka, kuma yawancinsu ba za su je nema ba, za su ɗauka waƙar ta tafi ke nan. Mawaƙan Hausa da masu kula da harkarsu, don Allah ku rubuta lambobin nan ku adana, ku kuma tabbata asusun dillali da sunanku yake. Asarar taku ce kafin ta zama tamu.

Gyaran a wurina bai ɗauki minti biyu ba: na cire matacciyar, na sa sabuwar a gurbinta, na sake saukewa. Amma sai da na saurare ta har ƙarshe, domin wani lokacin sabon ɗorin ba shi ne ainihin wanda ka sani ba, an sake kiɗan ko an yanke wani baiti. Wannan karon ita ce dai.

Faifan kalangun bai dawo ba, ban kuma sa ran zai dawo ba. Tun farko sunan da ke jikinsa a matsayin mai ɗorawa ba na makaɗin ba ne, ba kuma na wani kamfani da na sani ba. Tsofaffin faifan Hausa da yawa haka suke shiga manhajoji: wani ya kwafo daga kaset ya ɗora yana karɓar 'yan kuɗin. Ranar da magada ko mai haƙƙi suka kai ƙara, a sauke. Ban ga laifin saukewar ba, haƙƙin mutane ne. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa babu halastaccen da ke maye gurbinsa, sai waƙar ta ɓace wa duk wanda ba shi da tsohon kaset.

Inda na fi riƙe manhajar da laifi wurare biyu ne. Na farko, kalmar saukewa tana ruɗin mutane. Wanda ya saba da memori yana ɗauka abin da ya sauke ya zama nasa. A nan kuwa fayil ɗin a kulle yake, manhajar kaɗai ke buɗe shi, kuma tana bukatar ka hau intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar da biyanka da izinin waƙoƙin. Da wayata ta hau intanet, waƙoƙin nan uku da ke cikin cikinta suka kulle. Kamar hayar shago ce a Legas: kana biya kana ciki, amma ginin ba naka ba ne. Ya kamata a faɗa wa mutum haka ƙarara tun ranar da zai fara biya.

Na biyu, shirun. Manhajar da ke iya turo mini sanarwa duk lokacin da wani mawaƙi ya saki sabuwar waƙa, ba ta iya gaya mini cewa uku daga cikin nawa sun tafi ba. Ta san ko iyakar ƙasa ce ko cirewa ce, layi ɗaya ya isa. Na rubuta wa sashen taimakonsu, amsa ta zo da wuri kuma cikin ladabi, amma abin da ta ƙunsa shi ne samuwar waƙa takan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma takan canza. Ba su ce mini ga sabon ɗorin waƙar amarya can ba, alhali yana cikin rumbunsu. Har ma a wasu manhajojin, in ba ka kunna saitin nuna waƙoƙin da ba sa yi ba, tokar ma ba za ka gani ba, jerin ne kawai zai rage tsawo. Ka nemi saitin nan ka kunna, don aƙalla ka san sunan abin da ka rasa.

Zan ci gaba da biya, domin don sauraron yau da kullum a shago da cikin mota ta biya mini bukata. Tauraro uku cikin biyar nake ba ta. Amma ga mai biki, ko mai kiɗan taro, ko duk wanda wata waƙa ke da muhimmanci a wurinsa a wata rana takamaimai, ban ba shi shawarar dogaro da ita kaɗai ba. Ka duba jerinka ana gobe taron, waƙar da ba a yi sai da ita kuma ka saye ta a matsayin fayil daga mawaƙin ko wakilinsa, ka ajiye a memori. Ta Hajiya dai a wani tsohon faifan sidi na maƙwabcinmu muka same ta, aka sa mata a wurin kamun.